Gugguruna yana ƙonewa a gindin tukunya, ina matsalar take?

Rakiya (Garin Malam): Assalamu alaikum ƴan gida. Don Allah a taimaka mini a kan gugguru. Sau uku ke nan ina gwadawa cikin satin nan, duka ukun gindin ya ƙone baƙi ƙirin. Na saman ya yi fari amma yana ƙauri, sannan in na juye sai in tarar da tulin ƙwayoyi a ƙasa da ba su fashe ba. Jiya yara ɗanɗanawa kawai suka yi suka ajiye. Ni kuwa so nake in ƙware don in riƙa ƙullawa ina ajiyewa a tebur a ƙofar gida. Masarar gugguru ce ta gaske, a kasuwar Dole na sayo ta. Asarar mai da masara ta fara damuna.

Laminu: Wa alaikumus salam. Yaya Rakiya, ki riƙa juya ta a kan wayar, kuma ki bar garwashin ya yi toka-toka kafin ki ɗora. In kika bar gefe ɗaya ya daɗe dole ya ƙone. Haka mai gasa mana a bakin titi yake yi.

Rakiya: Laminu, ba gasasshiyar masara nake nufi ba. Gugguru, wanda ake fasawa a tukunya da mai.

Laminu: Af, ki yi haƙuri, ban karanta da kyau ba. To ni ma ina sauraro.

Hajiya Mariyama (Birni): Ƴata Rakiya, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma kafin in ce miki komai sai kin faɗa mini yadda kika yi tun daga farko. Wace irin tukunya ce, girmanta ya ya? Masara nawa kika zuba, mai nawa? A kan me kike dafawa? Sannan me kika gani ko kika ji da ya sa kika sauke?

Rakiya: Hajiya, tukunyar silba ce marar kauri, wadda nake dafa taliya a ciki. Yanzu na auna ta da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, gora uku ta cika ta. Masara gwangwanin madara biyu nake zubawa, mai kuma cokali biyu na cin abinci, don ban so ya yi maiƙo. Tare nake zuba su tukunyar da sanyi, in rufe, in ɗora a kan gas ɗin nan na kilo 6, in buɗe wutar sosai don na ji an ce gugguru wuta yake so. Ba na taɓa tukunyar. Ina jira har sai ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya sannan in sauke. Murfin ma har ɗagawa yake da kansa, sai in danne shi da tsumma.

Hajiya Mariyama: To ai kin ba da amsar da bakinki. Bari mu bi su a hankali.

Mu fara da yawan masarar, don ita ce ta jawo sauran. Gugguru in ya fashe yana ninka kansa kusan sau talatin a girma. Gwangwanin madara ɗaya kaɗai zai cika miki wannan tukunyar taki mai lita huɗu da rabi har baki. Ke kuwa biyu kika zuba. Abin da ke faruwa shi ne, rabin farko ya fashe ya cika tukunya ya matse, ba sauran wurin motsi. Wanda ya fashe ya kwanta a gindi ba shi da hanyar tashi, yana nan manne da ƙarfe mai zafi har ya zama gawayi. Ƙwayoyin da ba su fashe ba kuma sun maƙale a tsakiya, ba su sauka inda mai yake ba. Shi ya sa kika samu ƙonanne da ɗanye a tukunya guda. Murfin da kike dannewa ai tukunyar ce ke gaya miki ta cika.

Ga yadda za ki gane adadin da ya dace ko a wace tukunya, ba sai da gwangwani ba. Ki zuba masarar ki girgiza ta baje. In ta rufe gindin a shimfiɗa ɗaya, ƙwaya kusa da ƙwaya, ba wadda ta hau wata, to ya yi. Da zarar sun fara hawan juna kin wuce. A tukunyarki gwangwani ɗaya a shafe ne iyaka, in kin rage kaɗan ma ya fi.

Sai mai. Cokali biyu a kan gwangwani biyu bai kai ko'ina ba. Man nan ba don daɗi kawai ake sa shi ba, shi ne ke ɗaukar zafi daga gindin tukunya ya zagaye ƙwayar ta kowane gefe. In babu shi, gefen da ke taɓa ƙarfe ne kawai ke gasuwa, ya ƙone tun cikin bai yi zafi ba. Ma'aunina shi ne mai ɗaya, masara uku. Ko da me kika auna: ƙaramin kofin shayi uku na masara, kofi ɗaya na mai. A gwangwanin madara ɗaya, mai zai zama sulusin gwangwanin, wato kamar cokali huɗu na cin abinci. In kin zuba masarar ki duba: kowace ƙwaya tana sheƙi, mai ya kai kusan rabin tsayinta, amma bai nutsar da ita ba.

Zuwaira: Hajiya, ni fa sulusi ya yi mini yawa. Kashi ɗaya cikin huɗu nake sawa kuma yana fashewa lafiya lau. In na ƙara sai leda ta yi naso in na ƙulla.

Hajiya Mariyama: Wace tukunya gare ki, Zuwaira?

Zuwaira: Ta dalma ce, irin ta maƙera mai kauri.

Hajiya Mariyama: Shi ya sa. Tukunya mai kauri tana raba zafi ko'ina, sai ta yafe miki ƙarancin mai. Ta Rakiya ba ta da wannan haƙurin, duk inda harshen wuta ya taɓa nan ne ke yin ja. Ita ta fara da sulusi, in hannunta ya faɗa ta rage. Amma gaskiyarki ce, in mai ya wuce kima gugguru yakan yi nauyi ya yi laushi, ya ɓata leda.

Mushe Isufu (Zango): Salamu alaikum. Hajiya ta yi bayani mai kyau, bari in ƙara abin da muke koya wa yara a lakwal, don ya taimaka wajen gane batun wuta. Cikin kowace ƙwayar gugguru akwai ɗan ruwa, kamar kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na nauyinta. Ɓawonta kuma yana da tauri, ba ya barin tururi ya fita da sauƙi. In ta yi zafi, ruwan nan ya zama tururi ya dafa garin da ke ciki ya yi laushi, matsi ya yi ta ƙaruwa, har zafin ya kai wajen digiri 180 sai ɓawon ya yage. Garin mai laushi ya kumbura waje ɗaya ya bushe nan take, shi ne farin da muke ci. To in wuta ta yi yawa, bayan ƙwayar ya ƙone ko ya tsage tun garin ciki bai gama laushi ba, sai ki samu gugguru ƙanana masu tauri a tsakiya. In wuta ta yi kaɗan ainun, tururin ya riƙa sulalewa a hankali ta ɗan tsinin ƙwayar, ta bushe ta yi ja ba ta fashe ba. Saboda haka tsaka-tsaki ake so. Shawarata kuma ki rufe murfin gam, har ki ɗora dutse in da hali, don matsin ya taru a tukunya ya taimaka wa fashewar.

Hajiya Mariyama: Mushe, Allah ya ƙara ilimi, bayanin ruwan cikin ƙwaya ya yi daidai da abin da hannuna ya sani. Amma maganar dutse a kan murfi ban yarda da ita ba. Ai kai da kanka ka ce matsin a cikin ƙwayar yake taruwa, ɓawonta ne murfinta. Tururin da ya riga ya fita kuwa ba shi da sauran aiki sai ɓarna. In ka kulle shi a tukunya ya taru a murfi ya zama ruwa, ya ɗigo a kan gugguru, sai ka ji shi yana danƙo a haƙori maimakon ƙaras-ƙaras. Ni da an fara fashewa nake ɗan zame murfin, in bar kafa kamar kaurin tsinken tsintsiya biyu, ta gefen da ba ya kallon fuskata.

Mushe Isufu: Na karɓa, Hajiya. Na haɗa matsin ƙwaya da na tukunya, alhali ba abu ɗaya ba ne. Wannan ya bayyana mini dalilin da nawa yake yin laushi in ya huce.

Rakiya: To Hajiya, wutar fa? A gas ɗin nan ina zan tsayar da ita? Kuma ta ya ya zan san mai ya yi zafin da ake so?

Hajiya Mariyama: Kan gas ɗin kilo 6 yana da ƙarfi, kuma wutarsa a tsakiya take taruwa. Ki buɗe shi rabi. Ki sunkuya ki duba: harshen wutar ya tsaya ƙarƙashin gindi, kada ya leƙo yana lasar gefen tukunya. In kina jin gas ɗin yana huci da ƙarfi, ya yi yawa.

Ki zuba mai shi kaɗai tukuna, ki jefa ƙwaya uku a ciki, ki rufe. Waɗannan ukun su ne ma'aunin zafinki. Ki tsaya a wurin, kada ki tafi ɗauko wani abu. Za ki ji ta farko ta fashe, ta biyu, ta uku. Da ta ukun ta fashe mai ya kai. In kuwa kika ga hayaƙi na tashi daga man tun ba su fashe ba, wutar ta yi yawa, ki sauke ki bari ya huce ki sake.

Daga nan ki sauke tukunyar ƙasa, ki kwashe ukun nan don kada su ƙone, ki zuba masararki duka, ki rufe ki girgiza mai ya game su. Ki bar ta a ƙasa ki ƙirga talatin. Wannan ɗan jiran yana sa duk ƙwayoyin su ɗumama tare, in sun koma wuta sai su fashe kusan lokaci guda, ba wata ta riga wata da nisa ba. Mai tukunya marar kauri ita ta fi kowa bukatar wannan.

Ki mayar kan wuta. Cikin minti ɗaya ko biyu za ki ji tas, can kuma tas, sai abin ya haɗe kamar ruwan sama a kan kwano. A wannan lokacin ki riƙe hannuwan tukunya da murfi da tsumma mai kauri, ki riƙa girgizawa bayan kowane ɗan lokaci, kamar kin ƙirga goma ki girgiza. Girgizar tana sa masu nauyi, waɗanda ba su fashe ba, su gangara ƙasa wurin mai, masu sauƙi su hau sama su tsira daga ƙuna. Ki kula da tsumman kada bakinsa ya kai wuta. Daga farkon fashewa zuwa ƙarshe abin ba ya wuce minti biyu zuwa uku.

Yanzu ga wadda ta fi kashe miki gugguru, wato jiran ƙara ta ɗauke. Ƴata, in kika jira shiru, kin makara. Ƙwayoyin ƙarshe ba sa ƙarewa, kullum akwai wata da za ta ce tas bayan kin zaci an gama, kuma kina jiran waɗannan biyar ko goma sai ki ƙona ɗaruruwa. Ki kasa kunne. In ruwan saman nan ya fara tsagaitawa, ki fara ƙirga tsakanin fashewa da fashewa. In kina iya cewa ɗaya, biyu, kafin wata ta fashe, ke mai tukunyar silba ki sauke. Mai ta dalma ma kada ta wuce uku. Wasu za su ci gaba da fashewa a ƙasa da zafin da ya rage, ki ba su ɗan lokaci kaɗan, sannan ki buɗe murfin ta gefe can ki juye a faffaɗan tire nan da nan. Kada ki bar shi a tukunya wai ya huce, gindin yana ci gaba da gasa shi ko ba wuta.

Hanci ma yana gaya miki, sai dai shi a makare yake magana. Ƙamshin gugguru mai daɗi in ya fara juyawa zuwa na ƙanzo, kada ki tsaya ƙirga komai, ki sauke ki juye. In kuma kika ga abin da ke fita ta kafar murfi ya tashi daga farin tururi ya koma hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana shiga ido, gindi ya riga ya kama. A nan kada ki girgiza kuma kada ki kankare, ki kwashe na sama da ludayi ki bar na ƙasa, in ba haka ba ƙaurin ya game duka.

Maman Nana: Ni ban yarda sai an jira mai ya yi zafi ba. Shekara da shekaru ina zuba mai da masara tare a tukunya da sanyi, in ɗora a wuta matsakaiciya, kuma yana yi mini kyau. Ga shi ba ruwana da fallatsin mai. Ƙwaya ukun nan ƙarin aiki ne kawai.

Hajiya Mariyama: Maman Nana, ba zan ce naki ba ya yi ba, na ga masu yin haka kuma yana fita. Amma ke kin san wutarki kin san tukunyarki. Wadda ke koyo ba ta da abin da zai nuna mata ko wutar ta yi daidai sai bayan masara duka tana ciki, lokacin gyara ya wuce. Da ƙwaya uku kuwa, in an yi kuskure ƙwaya uku aka rasa.

Maman Nana: To kowa da hannunsa. Ni dai ina nan a kan nawa.

Inna Hadiza (Mirya): Mu nan da gawayi muke yi, ba mu da abin murɗawa a rage wuta. Abin da na koya shi ne kada a ɗora tukunya garwashi yana ci da harshe. A bari ya kwanta ya yi ja, a baje shi, kada a tara shi a tsakiya. In fashewa ta yi ƙarfi sai in ɗaga tukunyar sama kamar tafin hannu ina girgizawa, in na ji ta yi sanyi in mayar. Ɗagawar nan ita ce rage wutarmu. Kuma in lokacin saukewa ya yi, a ƙasa ake direwa, ba a gefen murhu ba. Da can ma iyayenmu da yashi mai zafi suke fasawa a kasko, kamar yadda ake suyar gyaɗa, babu mai ko ɗigo, sai a tankaɗe yashin. Har dawa sukan fasa, tana fitowa ƙanana-ƙanana.

Laminu: Inna, to masarar gonarmu fa? Muna da buhu a gida. In na bi duk wannan tsarin za ta yi?

Inna Hadiza: Ba za ta yi ba, ɗana. Iri ne daban. Ta gugguru ƙanana ce, mai sheƙi, mai tauri kamar tsakuwa. Ta tuwo ɓawonta ba ya riƙe tururi, za ta dai tsage ta gasu, ƴan kaɗan su ɗan buɗe, amma ba za ka ga farin nan ba. Kada ka ɓata manka.

Habsatu: Ni tawa matsalar daban ce, ku yi haƙuri in shigo da ita. Ina bin duk abin da Hajiya ta faɗa, kuma da damina yana yi mini kyau. Amma masarar da ta rage mini, wadda na bari a kwano a buɗe a kan kanta tun farkon hunturu, yanzu rabi ne kawai ke fashewa, wanda ya fashe ma ƙanana. Mai ɗaya, tukunya ɗaya, wuta ɗaya.

Mushe Isufu: Wannan kam iskar hunturu ce ta shanye ruwan cikinta. Kin san yadda take busar da komai a Damagaram, har leɓe tsagewa yake. Ƙwayar da ruwanta ya ragu ba ta da isasshen tururin da zai fasa ta da ƙarfi. Akwai gyara: ki zuba masarar a kwalba mai murfi, ga kowane gwangwanin madara huɗu ki sa ruwa cokali ɗaya, ki rufe gam ki girgiza har ruwan ya ɓace a jikinsu. Ki ajiye kwana biyu ko uku kina girgizawa safe da yamma, sannan ki gwada kaɗan ki gani. Kada ki ƙara ruwa fiye da haka don kada ta yi fumfuna. Nan gaba kuma ki riƙa ajiye ta a rufe.

Zuwaira: Wata maƙwabciyata jiƙa tata take yi cikin ruwa na ɗan lokaci kafin ta soya, ta ce ya fi fashewa.

Hajiya Mariyama: Ni ba na jiƙawa. Ruwan da ke bayan ƙwaya bai shiga cikinta ba, in ya haɗu da mai mai zafi sai fallatsi ya ƙona mutum. Dabarar kwalba ta Mushe ta fi kwanta mini, don tana ba ruwan kwanaki ya ratsa. Amma in maƙwabciyarki tana tsane ta sosai ta bushe kafin ta zuba, wataƙila shi ya sa take tsira. Sai na gwada da hannuna zan iya yanke hukunci.

Rakiya: Wane mai ya fi, Hajiya? Ina da man gyaɗa na masu ƙuli-ƙuli, ina da na jarka na kanti. Kuma mai gidan yana son ƙamshin man shanu.

Hajiya Mariyama: Na kanti da aka tace ya fi jure zafi, da shi za ki koya. Man gyaɗa na gida ya fi ƙamshi, ina son shi, amma yana saurin hayaƙi kuma wani yana kumfa, sai kin ƙara rage wuta. Man shanu kada ki fasa da shi in ba soyayye ba ne da aka tace, don ɗanyen yana da ruwa da sauran nono a ciki, su ne ke ƙonewa su yi ɗaci. Ki narka shi daban ki yaryaɗa bayan kin juye a tire. Gishiri ma a lokacin ake sawa, da zafinsa, kuma ki daka shi ya yi laushi kamar gari, in ba haka ba duk ya gangara ƙasan tire.

Tunda muna maganar mai da wuta, in Allah ya kiyaye man ya kama da wuta a tukunya, kada wanda ya zuba ruwa. A kashe gas, a rufe da murfi, a bar ta a wurin har ta huce. Sannan masu ƙananan yara, ƙwayoyin da ba su fashe ba ku tsince su kafin ku ba kowa, kuma yaron da bai kai shekara huɗu ba a haƙura da ba shi gugguru, yana shaƙe su.

Rakiya: Na dawo da labari. Da la'asar ɗin nan na gwada. Gwangwani ɗaya na rage kaɗan, mai cokali huɗu, wuta rabi. Ƙwaya ukun sun ɗauki kamar minti biyu kafin su fashe, har na fara tunanin ƙara wuta amma na daure. Na sauke na zuba na ƙirga talatin na mayar. Da ta fara sai ga ƙarar ta haɗe gaba ɗaya, ban taɓa jin ta haka ba, da can ɗaya-ɗaya take yi ta daɗe. Da na ji ina iya ƙirga biyu na sauke, hannuna har rawa yake don gani nake da saura da yawa. A ƙasa wasu kamar shida suka ƙara fashewa. Na juye, tukunya ta cika har kusa da baki, fari tas, gindin tukunyar ko tabo babu sai ɗan ja a tsakiya daidai inda wuta ke bugawa. Na tsince waɗanda ba su fashe ba, ba su cika cokali ɗaya ba. Hajiya, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma.

Amma da na ga haka sai na yi zagaye na biyu da sukari, don masu saye mai zaƙi suke so. Na zuba sukari cokali uku tare da man tun farko. Kafin ƙwaya ukun su fashe sukarin ya yi baƙi yana hayaƙi. Na zubar na wanke tukunya.

Hajiya Mariyama: Amin ƴata, madalla da na farkon. Ɗan jan nan na tsakiya yana nuna ki ƙara girgizawa ko ki rage wutar kaɗan in fashewa ta kankama. Na sukari kuma ai sukari ya riga masara ƙonewa, yana fara narkewa ya yi ja tun zafi bai kai na fashewa ba, to ina ga ya zauna minti biyu cikin mai shi kaɗai. Ni sai ƙwaya ukun sun fashe na zuba masara, sannan in barbaɗa sukarin a kanta, cokali biyu zuwa uku ga gwangwani, in juya da muciya sau ɗaya in rufe. Daga nan girgiza ba tsayawa, wuta ƙasa da ta mai gishiri, kuma saukewa da wuri: da ƙara ta fara raguwa, ko biyun ba na jira. A juye a tire a baje da cokali, kada a sa hannu, narkakken sukari yana manne wa fata ya ƙona.

Maman Nana: A nan ma mun saɓa, Hajiya. A tukunyar silba ko ta bi wannan sai ya kama mata. Ni fasa nawa nake fari ba komai, sannan in narka sukari da ɗan ruwa a wata tukunya har ya yi kalar zuma, in kashe wuta in juye gugguru a ciki in juya da sauri. Ba ya ƙonewa, kuma kowane ɗaya yana samun rabonsa.

Hajiya Mariyama: Naki ya fi aminci ga mai koyo, ban musa ba. Sai dai aiki biyu ne da wankin tukunya biyu, ga sukari ya fi tafiya, mai sayarwa kuwa tana lissafin wannan. Kuma in ruwan sukarin bai dahu sosai ba, gugguru yakan yi laushi a leda kafin gobe.

Rakiya: Zan gwada duka biyun gobe in Allah ya kai mu, rabin gwangwani kowanne, in ƙulla su daban in ga wanda zai kwana da ƙarfinsa. Zuwaira, ko za ki ara mini tukunyarki ta dalma da safe? In aiko Nafisa ta karɓo.

Zuwaira: Ki aiko ta bayan ƙarfe tara, Yaya, kafin nan na gama da ita. Murfinta ba ya zama daidai, akwai ƴar kafa a gefe, ki juya kafar ta kalli bango.